Dan Allah a taimaka: yadda zan maida layukan zuwan yara na wata-wata su koma kowane wata da kolom ɗinsa

Maman Hanif: Salamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da yamma. Dan Allah masu sanin Excel ku taimaka min, hedimasta yana son rahoton zuwan yara na zangon farko kafin Litinin kuma tun jiya nake kai na kasa. Ni ce nake riƙe da ofis a wata makarantar kuɗi a nan Tudun Wada, yaranmu 214 daga aji ɗaya zuwa aji shida. Duk ƙarshen wata malaman aji suna turo min kwana nawa kowane yaro ya zo, ni kuma sai in zuba a shafi ɗaya in ci gaba a ƙasa, yanzu layi 853 ne banda kan rubutu. Tsarin shi ne A Lamba, B Suna, C Aji, D Wata, E Kwanaki, wato yaro ɗaya yana da layi huɗu a warwatse, na Satumba can sama na Disamba can ƙasa. Shi kuma yana son kowane yaro layi ɗaya tak, sai Satumba, Oktoba, Nuwamba, Disamba a jere ta gefe, sai jimla a ƙarshe. Na fara kwafa da hannu na yi yara talatin na ga wlh ba zan gama ba, kuma har na fara saka na wani a gidan wani. Excel 2016 ne a kwamfutar ofis ɗin.

Ɗan Kawo: Wa alaikumus salam Anti, ai wannan mai sauƙi ne, ki zaɓi duka ki yi Copy, ki je sabon shafi ki danna Paste Special ki saka alama a Transpose. Duk abin da yake tsaye zai kwanta.

Maman Hanif: Na gwada ƙanina, ya kwanta ɗin kam amma sai ya ba ni layi biyar da kolom sama da ɗari takwas, ina ta tafiya gefen dama babu ƙarshe, kuma yaro ɗaya har yanzu sau huɗu yake fitowa.

Ɗan Kawo: Au, na ɗauka juyawa kawai ake so. Toh bari manya su zo.

Malamin Lissafi: Hajiya PivotTable ne maganinki, minti biyu ya isa. Ki danna ko ina cikin bayanan, ki je Insert ki zaɓi PivotTable ki ce OK. Ta gefen dama za ki ga gidaje huɗu, ki ja Suna ki saka a Rows, Wata a Columns, Kwanaki a Values, shikenan an gama. Ni da shi nake haɗa makin jarabawa duk zango ban taɓa rubuta fomula ba.

Maman Hanif: Malam na gode sosai, siffar ta fito yadda ake so amma abubuwa huɗu sun ɗaure min kai. Na ɗaya duk akwatunan 1 ne 1 ne, wasu 2, babu ko ɗaya mai 19 ko 20. Na biyu watannin a baibai suka fito, Disamba ce a farko Satumba a ƙarshe. Na uku Nuwamba biyu nake gani, ɗaya cike ɗaya kusan babu komai sai yara uku. Sannan na ƙirga layukan 209 ne alhali yaranmu 214, ina biyar suka shiga?

Malamin Lissafi: Na 1 ɗin nan na sani, ki danna kibiyar da ke jikin Kwanaki a Values, Value Field Settings, ki canza daga Count zuwa Sum. Watannin kuma ki kama kan kolom ɗin ki ja shi inda kike so. Biyar ɗin ina jin ba a turo miki nasu ba ne.

Anti ta Malali: Maman Hanif dakata tukuna, kar ki canza shi zuwa Sum yanzu, wannan teburin mai 1 da 2 da kika samu bisa kuskure ya fi miki amfani a daren nan fiye da na Sum ɗin. Malam hanyarka daidai ce amma akwai gyara, kuma yaran biyar ɗin nan ba ɓata suka yi ba, suna ciki.

Abin da ya faru, kin saka Suna a Rows, shi kuma Excel duk inda ya ga rubutu iri ɗaya sak to mutum ɗaya yake ɗaukarsa. A makarantar da ke Tudun Wada mai yara 214 ai dole a samu Aisha biyu masu sunan uba ɗaya, ɗaya a aji biyu ɗaya a aji biyar. Ya haɗe su layi ɗaya. Ki duba da kyau za ki ga layukan da 2 ta cika daga farko har ƙarshe, waɗannan su ne masu suna ɗaya, kuma na tabbata biyar za ki samu. Da kin canza zuwa Sum kin buga, da yarinya ɗaya ta fito da kwana 39 a wata, ɗayar kuma babu ita a rahoto kwata-kwata sai mahaifinta ya zo tambaya. Ki cire Suna ki saka Lamba a sama, sai Suna a ƙarƙashinta in kina so ya fito, sai ki je Design, Report Layout, Show in Tabular Form, sannan a Subtotals ki zaɓi Do Not Show Subtotals don kar ya cika miki waje da ƙananan jimloli. Ki bar shi a Count ɗin ki faɗa min abin da kika gani.

Maman Hanif: Anti gaskiyarki, biyar ne cif, har da Muhammad biyu a aji ɗaya ma. Na saka Lamba yanzu layukan sun zama 215 kuma, ɗaya ya ƙaru. Kuma har yanzu akwai 2 a wurare huɗu amma ba a jere ba, ɗaiɗai ne.

Anti ta Malali: Madalla, mu bi su ɗaya bayan ɗaya kar mu haɗa. Mu fara da dalilin da ya sa ya ba ki Count da kansa. In kolom ɗin Kwanaki lambobi ne zalla Sum yake zaɓa, da ya zaɓi Count yana gaya miki ne akwai abin da ba lamba ba a ciki. Ki samu akwati biyu da babu komai a shafin bayanan, can gefe, ki rubuta waɗannan:

```
=COUNT(E:E)
=COUNTA(E:E)-1
```

Na farko lambobin gaske kawai yake ƙirgawa, na biyu duk akwatin da ke da wani abu, mun cire 1 saboda kan rubutu. In ba su zo ɗaya ba to bambancin shi ne adadin akwatunan da za su ba ki matsala. Kuma abin da ya sa na hana ki canzawa, Sum ba zai yi miki ƙorafi ba, tsallake su kawai zai yi kamar sifili ne, ki ga yaron da bai taɓa fashi ba an ba shi 0 a Oktoba.

Maman Hanif: Na farko 841 na biyu 853. Goma sha biyu kenan. Na gan su ma, goma suna manne a gefen hagu na akwatin da ɗan koren alama a kusurwa, waɗanda na kwafo daga saƙon waya ne, biyu kuma malamar aji uku ce ta rubuta nil ni ma na zuba haka.

Anti ta Malali: Goman nan ki zaɓi kolom E gaba ɗaya, Data, Text to Columns, ki danna Finish kawai kar ki taɓa komai, za ki ga sun koma gefen dama. In wani ya ƙi komawa ki goge ki sake bugawa da hannu, ba yawa gare su ba. Nil ɗin kuma kar ki goge layin, ki tambayi malamar. In yaron yana cikin rajista a watan amma bai zo ko sau ɗaya ba, 0 za ki saka, kuma wannan 0 ɗin ta gaske ce, za mu dawo kanta.

Nuwamba biyu kuma, ɗaya akwai tazara a bayanta da ido ba ya gani, an danna madannin tazara bayan an gama rubuta sunan. Ki danna sau biyu a kan lambar cikin teburin zai buɗe miki layin da ya fito daga ciki, sai ki nemo ukun nan a kolom D na shafin bayanan ki sake rubutawa. Bayan kin gyara sai kin danna dama a kan teburin kin zaɓi Refresh, ba ya ɗaukar gyara da kansa.

Malamin Lissafi: Anti amma maganar jerin watanni ni ban taɓa samun wannan ba fa, nawa daidai suke fitowa kullum daga Jan zuwa Dec ban taɓa jan komai ba.

Anti ta Malali: Saboda da Turanci kake rubutawa Malam. Excel yana da jerin watannin Turanci a ajiye a cikinsa, yana ganin Jan, Feb ya san tsarinsu. Ita da Hausa ta rubuta, bai san su ba sai ya bi haruffa, D sai N sai O sai S, kuma ka ga ikon Allah watannin zangon farko da Hausa in an bi haruffa juyewa suke yi daidai wa daida, Disamba, Nuwamba, Oktoba, Satumba. In tana son ya koyi na Hausa sai ta je File, Options, Advanced, can ƙasa akwai Edit Custom Lists ta rubuta su goma sha biyu a jere. Amma a kwamfutar nan kawai zai zauna, ba ya bin fayil ɗin zuwa wata. Kuma ko naka akwai ranar da zai ba ka matsala, in ka haɗa shekarar karatu gaba ɗaya Jan zai zo gaban Sep alhali a makaranta Satumba ce farko, in kuma ka ci gaba da zubawa har wata shekarar, Satumbar 2025 da ta 2026 kolom ɗaya za su faɗa a tara su tare. Ni shi ya sa nake cewa a rubuta shekara a jikin watan tun farko, kamar 2025-09 Satumba. Kar dai a rubuta 2025-09 shi kaɗai, Excel zai maida shi kwanan wata da kansa ya canza masa kama.

Sakataren Islamiyya: Assalamu alaikum, afuwan na shigo tsakiya, nima irin matsalar ce da ni a islamiyyarmu a Rigasa amma ni ba jimlar wata nake da ita ba, kullum nake shigarwa, lambar ɗalibi a A, kwanan wata a D, sai P in ya zo ko A in bai zo ba a kolom E, daga Asabar zuwa Laraba muke karatu. Da na yi irin teburin nan sai na ga watanni irin su Janairu da Maris da Afrilu sun fito alhali a Satumba na fara shigar da bayanan, wasu ranakun kuma sun ƙi shiga kowane wata. Ko kwamfutar ce ta kamu da cuta?

Ɗan Kawo: Malam wannan kam na taɓa gani, ba cuta ba ce. Kwamfutarka tana kan tsarin Amurka ne, wata take fara karantawa kafin rana. In ka rubuta 04/10/2025 kana nufin 4 ga Oktoba ita 10 ga Afrilu ta ɗauka, in kuma ka rubuta 18/10/2025 babu wata na 18 sai ta bar shi a matsayin rubutu kawai a gefen hagu. Ka canza Region a Control Panel.

Anti ta Malali: Ɗan Kawo ya gano ciwon daidai, sai dai canza Region zai gyara na gaba ne kawai, waɗanda suka riga suka juye suna nan a juye, sai an bi su. Malam Sakatare naka aiki ne daban kuma ya fi na Maman Hanif girma, ka buɗe masa tambaya ta kansa mu bi a hankali kar mu rikita ta. Amma ga inda za ka dosa in kwanakin sun gyaru, ka saka ranar 1 ga kowane wata a kan kolom ɗin rahoto a matsayin kwanan wata na gaske, ka sa wa shafin bayanan suna Data, sai:

```
=COUNTIFS(Data!$A:$A,$A2,Data!$E:$E,"P",Data!$D:$D,">="&C$1,Data!$D:$D,"<"&EDATE(C$1,1))
```

Yana ƙirga P daga 1 ga watan har kafin 1 ga watan gaba, ba ruwanka da ko watan 30 ne ko 31.

Sakataren Islamiyya: Allah ya saka da alheri, zan buɗe bayan isha'i in sha Allah.

Maman Hanif: Na dawo, an ɗauke wuta sai da aka tada janareta. Nuwamba ta koma ɗaya, COUNT ya koma 853, malamar ta ce yaran nil ɗin ɗaya ƙyanda ce ta kwantar da shi duk Disamba, ɗayar tafiya suka yi, na saka musu 0. Saura 2 ɗin nan guda huɗu da layi na 215.

Anti ta Malali: Mu yi lissafi tukuna. Yara 214 sau wata huɗu 856 ya kamata, ke kina da 853. Kar ki ce uku ne kawai suka ɓace, tunda akwai huɗu da aka shigar sau biyu, layukan gaske 849 ne, wato bakwai ne babu. Akwai yaran da suka shigo bayan an fara zango?

Maman Hanif: Eh wlh bakwai ne, a Oktoba aka kawo su, uku ma ƴan gida ɗaya ne da suka taso daga Zariya.

Anti ta Malali: To lissafi ya fita. Masu maimaici kuma ki saka wannan a F2 na shafin bayanan ki ja ƙasa, sai ki tace ki bar masu 2 kawai, layi takwas za ki gani:

```
=COUNTIFS($A:$A,A2,$D:$D,D2)
```

Ki kalle su da ido kafin ki goge komai.

Malamin Lissafi: Ai Remove Duplicates zai share su sau ɗaya, yana nan a Data.

Maman Hanif: Na kalla, uku iri ɗaya ne sak, ni ce na zuba saƙon sau biyu. Amma na huɗun yaro ɗaya Oktoba ɗaya, layi ɗaya 17 ɗaya 19.

Anti ta Malali: Ka gani Malam, wannan na huɗun shi ne abin tsoro. In ta saka alama a duk kolom ɗin ba zai cire shi ba saboda 17 da 19 ba ɗaya ba ne, Sum ya ba shi 36. In kuma Lamba da Wata kawai ta zaɓa zai bar na sama ya goge na ƙasa bai tambayi kowa ba, kuma sau da yawa na ƙasan shi ne gyaran da malamin ya turo daga baya. Wannan rajistar aji ce kawai za ta raba gardama.

Yanzu ga shawarata kan rahoton kansa, kuma nan ne muka saba da Malam. Ni PivotTable da shi nake bincike, amma takardar da za a buga a sa hannu da fomula nake yinta. Ki buɗe sabon shafi, A ki jera lambobin yara 214 daga rajistar ɗaukar ɗalibai, ba daga bayanan zuwan ba, saboda in akwai yaron da malaminsa bai taɓa turo sunansa ba ko sau ɗaya, a PivotTable ba zai fito ba sam kuma ba za ki lura ba, a nan kuwa za ki ga layinsa fayau babu komai. B suna, C1 zuwa F1 ki rubuta watannin yadda suke a bayanan harafi da harafi, a jerin da kike so. Ki sa wa shafin bayanan suna Data. Sai C2:

```
=IF(COUNTIFS(Data!$A:$A,$A2,Data!$D:$D,C$1)=0,"",SUMIFS(Data!$E:$E,Data!$A:$A,$A2,Data!$D:$D,C$1))
```

Ki ja shi gefe zuwa F, ki ja ƙasa zuwa layi na 215. Ki kula da alamar dala, $A2 ita ke hana shi barin kolom ɗin lamba in kin ja gefe, C$1 kuma ita ke hana shi barin layin watanni in kin ja ƙasa, in kika manta ɗaya kolom ɗin farko ko layin farko kawai zai yi daidai sauran su fito babu komai ki rasa dalili.

Ɗan Kawo: Anti me ya sa ba za a bar SUMIFS ɗin shi kaɗai ba, ai ya fi gajarta, wannan doguwar ko a waya ba ta shiga allo ɗaya.

Anti ta Malali: Saboda SUMIFS in bai samu layi ba 0 yake bayarwa. Yaran Zariya ukun nan za su fito da 0 a Satumba, yaron da ƙyanda ta kwantar shi ma 0 a Disamba, a takarda iri ɗaya ne alhali ɗaya ɗalibi ne bai zo ba, ɗaya kuma bai ma zama ɗalibi ba tukuna. Na taɓa ganin an kira uwa ofis ana mata faɗa wai ɗanta ya yi fashin wata guda, matar nan tana rantsuwa a lokacin ko garin ba su zo ba, har kuka ta yi, duk saboda irin wannan sifilin. COUNTIFS ɗin farko yana tambaya ne wai akwai layin ma? In babu ya bar akwatin fayau.

Malamin Lissafi: Amma Anti a nan PivotTable ya fi, shi da kansa yake barin akwatin babu komai in babu layi, kuma zango na biyu in watanni sun canza ba sai na taɓa komai ba sabon kolom zai fito da kansa. Ke sai kin sake rubuta kan kolom.

Anti ta Malali: Wannan gaskiya ne na yarda, kuma da layukan dubu ɗari ne ni ma shi zan ce. Amma mantuwar Refresh ta sa na taɓa buga tsohon lissafi aka kai gaba, tun ranar nake tsoronsa a takardar ƙarshe.

Malamin Lissafi: Akwai Refresh data when opening the file a PivotTable Options, in kin saka masa alama ya rage wannan. Ni dai ina nan a kan nawa.

Maman Hanif: Na yi fomular ta fito tsaf Alhamdulillah, rajista ta ce 19 ne na goge 17 ɗin. Amma akwatunan da babu komai takwas ne ba bakwai ba.

Anti ta Malali: Ki gwada jimla biyu, `=SUM(Data!E:E)` da `=SUM(C2:F215)` a shafin rahoto. Dole su zo ɗaya, in ba su zo ba akwai layin da bai samu gida ba. Ina jin layinki na 215 ɗin nan ne.

Maman Hanif: Bambancin 18 ne. Na gano shi, lambar yarinyar 1187 ce na buga 11187 a Nuwamba, shi ne PivotTable ya ɗauke ta sabuwar ɗaliba, fomula kuma ta bar mata Nuwamba babu komai. Na gyara jimlolin sun zo ɗaya, fayau ɗin sun koma bakwai. Sai dai ga wata sabuwa, yanzu da abin ya jeru na ga duk ƴan aji huɗu lambobinsu sun yi yawa, 38, 40, 37 a Oktoba, alhali kwana 20 muka buɗe a watan in an cire 1 ga Oktoba da kwana biyun hutun tsakiyar zango. Kuma F ɗin nan yana nuna 1 a kansu duka.

Malamin Lissafi: To an shigar da ajin sau biyu ne gaba ɗaya, ki sake dubawa.

Baban Walida: Salamu alaikum, ina ta karantawa ban sa baki ba don ni kwamfutar ba sanina ba ce, amma rajista na yi shekaru ina duba ta kafin in yi ritaya. Ƴata ba sau biyu aka shigar ba, ai kin ce abin ƙirgan yana nuna 1, kuma da ninki ne ba za a samu 37 ba, duk ninki lamba ce mai rabuwa biyu. Rajistar makaranta sau biyu ake kiran suna a rana, safe da rana, kowace rana maki biyu gare ta, shi ya sa a katin sakamako ake rubuta sau nawa makaranta ta buɗe, ba kwana nawa ba. Malamin aji huɗun nan ya koyi aikin yadda ake koyar da shi, jimlar rajista ya turo miki. Sauran ne suka turo kwanaki. Mai 37 ɗin nan akwai ranar da ya zo da safe bai kai kiran rana ba, ko ya makara ya samu na rana kawai.

Maman Hanif: Baba Allah ya ƙara girma, na kira shi yanzu haka ya faɗa min kalma da kalma. To in raba nasa biyu kenan? Kwanakinmu na zangon 12, 20, 20, 10 ne, 62 kenan, nasa a kan 124 yake.

Anti ta Malali: Za ki iya, amma kar ki taɓa kolom E, ki bar abin da malami ya turo yadda yake. Ki ƙara kolom G a Data mai raba na aji huɗu biyu ya bar sauran, sai ki maida fomular rahoton ta riƙa tara G maimakon E, jimlar gwaji ma ki yi ta da G. Sai dai za ki ga 18.5 a wasu wuraren, ki bar shi haka kar ki cike.

Baban Walida: Ni a ganina baibai za a yi in an raba. Nasa ne daidai, sauran ajujuwa biyar ɗin ya kamata su koma rajista su turo safe da rana, don in masu duba makarantu suka zo da rajista za su gwada rahoton, 124 za su nema. Kuma ninka na sauran biyu ba zai yi ba, don ba ku san yadda kowane malami ya ƙirga yaron da ya yi rabin rana ba, wani ya ba shi kwana wani ya hana shi.

Anti ta Malali: Baba a ƙa'ida kai ke da gaskiya, amma yau Juma'a da dare, malamai biyar su sake ƙirga wata huɗu kafin Litinin da wuya, rajistocin ma suna kulle a makaranta. Ni da ita ce zan raba, in rubuta a ƙasan takardar cewa na aji huɗu daga safe da rana aka maido shi, zango na biyu kuma a gaya wa kowa abu ɗaya tun ranar farko. Fomular ba ruwanta, ko wanne aka zuba za ta jera.

Ɗan Kawo: Sannan yara bakwai ɗin nan in za a fitar da kashi cikin ɗari a kan 62 za a raba ko a kan 50? Don wanda ya zo kwana 47 daga Oktoba, a kan 50 kashi 94 ne, a kan 62 bai kai 76 ba.

Maman Hanif: Ni 50 nake gani tunda Satumba ba ɗalibanmu ba ne, amma na san hedimasta yana son lamba ɗaya a saman takarda ga kowa. Na tura masa saƙo kan duka biyun, rabawar da kuma wannan, ya ce in zo da laftof gobe da safe ƙarfe tara mu zauna da malamin aji huɗu, kuma zai buɗe ofis a ɗauko rajistocin aji biyu da aji biyar a gwada yara goma-goma a ga yadda aka ƙirga rabin ranar. Anti in na saka kolom G ɗin zan turo hoton fomular ki duba min alamar dalar.